Jan Bargon da Na Shanya a Bur Sudan

Ku 'ya'yana kun tashi a unguwar Utaibiyya, nan ƙasa mai tsarki, kuna jin tsofaffi suna ce mini Garba Mai Gani, kuma na san wasunku sun yi tinƙaho da wannan suna a gaban abokansu. Ban taɓa tsawata muku ba. Yanzu idona ya yi rauni har ba na gane fuskar mutum sai ya yi magana, saboda haka na ga gara in faɗa a rubuta muku inda sunan ya samo asali tun bakina yana iya faɗa. Ban taɓa ganin komai ba. Wata na'ura ce ta Ingilishi ta gani, ni kuma na karɓi yabon, kuma akwai wanda ya mutu a kan haka.

Ni da abokina Isa mun baro ƙasar Katsina tare muna samari, da niyyar Hajji a ƙafa. Shekara bakwai muna tafe muna tsayawa. Mun yi noma a Wadai, mun cire auduga a Jazira, can kuma kowannenmu ya yi aure, ni na auri mahaifiyarku Asabe, shi ya auri Rabi. Da muka iso Bur Sudan, inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Jidda, sai yaƙin Turawa ya tarar da mu. Tsallakawa ta yi wuya. Muka zauna a unguwar Takari da ke bayan gari, cikin bukkokin buhu da gwangwani. Isa ya ɗauki sanda da garwa biyu yana sayar da ruwa. Ni da yake na koyi gyaran injin ban-ruwa a Jazira, sai sojan sama na Ingila suka ɗauke ni in riƙa kula da injin wutar lantarki a wani ɗan tudu da ke gaban unguwarmu. Ranar da na fara, wani hafsa ya sa na rantse cewa abin da na gani a cikin shingen nan ba zan faɗa wa kowa ba, ko matata.

Abin da ke cikin shingen, idan ka hango daga ƙasa, ba wani abin kallo ba ne: dogayen hasumiyoyi biyu da aka jera wa sandunan ƙarfe a gicce, manyan motoci biyu a rufe, da rumfar injina. Mutanen unguwa sun ɗauka gidan wayar iska ne. A lokacin su kansu Turawan ba sa ce masa rada, wasu haruffa uku suke kiransa da su don ɓoye sirri, sunan rada daga baya na ji shi. Akwai wani kofur a cikinsu, ɗan siriri, wanda zafin garin ya feso wa ƙuraje a wuya, yana jin Larabci kaɗan kamar yadda nake ji. Saboda ina shiga motar in duba fanka da ƙarfin wuta, shi kuma yana son mai sauraro, sai ya riƙa nuna mini.

Ya ce, "Ka taɓa yin ihu a gaban dutse?"

Na ce na taɓa.

Ya ce, "Idan dutsen yana kusa, muryarka ta dawo da wuri. Idan yana nesa, ta jima. To, aikinmu ke nan gaba ɗaya."

Hasumiya ɗaya ita ce mai ihun. Tana watsa igiyar rediyo mai ƙarfi, gajeriya ƙwarai, ta yi shiru, ta sake, sau da yawa cikin ƙiftawar ido. Idan igiyar ta bugi jikin jirgin sama, kaɗan daga cikinta ya dawo, ɗaya hasumiyar ta kama. A cikin motar akwai gilashi mai zagaye kamar faifai, da wani koren layi na haske kwance a kansa. Farkon layin, a hagu, shi ne inda muke, ƙarshensa kuwa can nesa cikin teku. Idan amsa ta dawo, sai layin ya yi ɗan tsini a wani wuri, kuma akwai ma'auni a jikin gilashin da ke nuna mil nawa ne, domin gudun igiyar sananne ne, lokacin da ta ɗauka zuwa da dawowa shi ne nisan. Don sanin ta wace fuska jirgin yake, akwai wani ƙarfe mai zagaye da kofur yake murɗawa a hankali har tsinin ya dushe, sai ya karanta lambar da ya tsaya a kai. Don sanin tsayinsa a sama, yana saurare da sandunan sama, ya koma na ƙasa, ya gwada wanne ya fi ƙarfi. Idan tsinin yana rawa yana kauri, ya san jiragen suna da yawa. Wannan duka ba ya ɗaukarsa minti guda. Na kusa da shi yana riƙe da tarho yana faɗa wa wani ɗaki a cikin gari.

Sau ɗaya na shiga wannan ɗakin, an aike ni gyaran waya. Babban tebur ne da taswira a kai, mutane suna tura 'yan alamu da sanduna. Nan ake haɗa abin da tudunmu ya faɗa da abin da 'yan tsaron bakin teku suka gani da ido, a kuma duba ko jirgin nasu ne da ke dawowa. Wasu jiragensu suna ɗauke da wata ƙaramar na'ura da ke sa tsinin ya riƙa tsawo lokaci lokaci, alamar ɗan gida ne, amma ba duka ke da ita ba. Sai sun tabbatar na Italiya ne daga Eritiriya, kuma garin ya nufo, sannan su ba da umarni: jiragen yaƙi su tashi, masu igwa su shirya, a busa jiniya. Kofur ya ce kafin wannan na'ura, dole jirage su wuni suna shawagi a sama suna ƙona mai, ko su zauna a ƙasa har bom ya same su. Yanzu da 'yan jirage kaɗan suna jira a ƙasa, a ba su kamar sulusin sa'a, su hau sama su tare hanya. Jirgi yana buƙatar waɗannan mintocin don ya yi sama, in ba haka ba abokin gaba yana bisa kansa.

Wani abu kuma ya gaya mini, kuma ina so ku riƙe shi, don a kansa laifina yake. Wata rana ya ɗauki lemo ya ɗora ashana a gefensa.

Ya ce, "Duniya a lanƙwashe take, igiyarmu kuwa a miƙe take tafiya. Wanda ya zo ta sama sosai, muna ganinsa tun yana nesa. Wanda ya bi fuskar ruwa ƙasa ƙasa, yana bayan lanƙwasar. Kafin ya fito ya riga ya iso, kuma a nan kusa amsar duwatsu da gine-gine ta cika gilashin. Wannan ba ma ganinsa, Garba."

Na ce na gane. Kuma wallahi na gane.

Tsakanin lokacin da tsini ya fito da lokacin da za a busa jiniya, akan sami mintoci, domin ba sa son tsayar da aikin tashar jiragen ruwa a banza. Ni kuwa ina bakin motar, ina jin tarho, na kuma koyi kalmar da suke faɗa idan jirgin na abokan gaba ne. Asabe tana da cikin yayanku a lokacin, ba ta iya gudu. Sai na ce mata, ina da jan bargo da nake shimfiɗawa in yi salla, idan ta hango shi a kan wayar shinge, ta tafi rami tun kafin jiniya. Ta tambaye ni yadda zan sani. Na tuna rantsuwata, na ce jikina ne ke ba ni. Wannan ita ce ƙaryar farko, kuma da na tsaya a kanta da watakila ban rubuta wannan takarda ba.

Asabe ta gaya wa Rabi, Rabi ta gaya wa mijinta, Isa kuwa yana shiga kowane gida da garwarsa. Kafin wata biyu unguwar duka tana kallon tudu. Suka lura da abu biyu. Idan bargo ya fito, jiniya tana biyowa, jiragen Italiya kuma suna zuwa. Wani lokaci kuma jiniya takan yi kuka babu bargo, a jira, ba abin da ya faru, domin wani ɗan tsaro ne ya hango jirgin gida ya firgita. Suka yi lissafi irin na masu hankali: da Turawa ne suka sani, da sun busa jiniyar da wuri, tun da bargon Garba yana riga ta, to ilimin daga Garba yake. Aka fara gaishe ni da durƙuso. Dattijon da ya girmi ubana ya matsa mini wuri a sahun gaba. Ina ɗan shekara ashirin da tara, ban sauke ko izu goma ba, ana ce mini malam. Na sayi carbi mai dubu na riƙa zama da shi a ƙofar bukka, ina runtse ido idan an tambaye ni abu. Ba wanda ya tilasta mini wannan, rantsuwar da na yi ba ta ce in sayi carbi ba.

Isa ne kaɗai ya same ni a kan maganar. Muna cin tuwon dawa a kwano ɗaya ya dube ni.

"Garba, tun muna kiwon awaki na san ka. Yaushe ka fara gani?"

Na ce, "Abin Allah ne, Isa."

Ya ce, "To, Allah ya ƙara. Ni dai ka sauƙaƙa mini. Da duk jiniya sai in ajiye garwa in gudu, kafin in dawo an zubar. Yanzu tudu kawai nake kallo."

A nan ne ya kamata in ce masa, kada ka yi haka, idan ka ji jiniya ka gudu ko da bargo ko babu. Jimla ɗaya ce, ba ta taɓa rantsuwata ba ko kaɗan. Lemon da ashanar sun faɗo mini a rai a lokacin, ina tuna wannan sarai. Amma idan na faɗa, na yarda ke nan akwai abin da ba na gani. Na ci gaba da cin tuwo.

Ranar da abin ya faru hantsi ne, rana ta taso daga teku tana kashe ido. Ina zuba wa injin mai na ji jiniya. Na ruga bakin motar na leƙa. Koren layin yana kwance lafiya lau, ban da cunkoson nan na gefen hagu da kullum yake nan. Kofur yana murɗa ƙarfen nan mai zagaye yana ihu a tarho cewa shi bai ga komai ba. Daga baya na ji cewa 'yan tsaron kudu ne suka hango su da ido suka buga waya. Bargon yana naɗe a kan benci, taku biyar daga inda nake. Na dube shi. Na ce a raina, idan na shanya kuma ba abin da ya zo, sunana ya zube. Ban gama tunanin ba suka fito daga cikin hasken rana, su uku, ƙasa ƙasa har ina ganin kawunan matuƙan. Tankunan mai suka nufa. Jiragenmu suna ƙasa ba su ko tayar da inji ba, igwa ta fara harbi bayan sun wuce. Bom ɗin na ƙarshe bai kai tankunan ba, ya faɗi gefen unguwarmu, wajen famfo.

Mutum uku aka rasa. Isa yana cikinsu. Sandarsa na fara ganewa.

Na jira a jefe ni, ba wanda ya jefe ni. Liman ya ce idan ajali ya zo, Allah yakan rufe idon mai gani, mutane suka gyaɗa kai. Ni na wanke Isa, ni na shiga kabarinsa. Bayan 'yan watanni aka kori Italiya daga Eritiriya, jirage suka daina zuwa, aka kwance hasumiyoyin aka tafi da su arewa. Kafin su tafi kofur ya ce an ƙera wata sabuwa mai juyawa wadda ke kama na ƙasa ƙasa, amma ba ta iso gare mu ba.

Shekarar da aka gama yaƙi muka tsallako. Muka yi Hajjin da muka fito dominsa, muka zauna, na sami aikin gyaran motocin alhazai. Utaibiyya a lokacin bakin gari ce, 'yan gidajen laka da na gwangwani. Rabi ta biyo mu da ɗanta Yusufu, wanda kuke ce wa ammi Yusuf, wato baffa Yusufu da Larabci, ta kama ɗaki gida uku daga namu, tana soya ƙosai da safe. Sunan ma ya biyo ni, domin rabin maƙwabtanmu mutanen Bur Sudan ne. Na daina carbin, idan an zo da tambaya in ce na bari. Suka ɗauka tawali'u ne, girmana ya ƙaru.

A shekara ta biyu da zuwanmu, bayan Hajji da kwana kaɗan, zazzaɓi ya kama Yusufu, yana ɗan shekara takwas. Kwana biyar bai san wanda ke kansa ba. Bayan la'asar Rabi ta shigo gidanmu, ta wuce Asabe, ta durƙusa a gabana.

"Malam, na san ka ce ka bari. Duba mini sau ɗaya. Idan zai tashi in sani, idan zai bi ubansa in sani. An ce in kai shi wajen likita a Ajyad, amma idan tafiya zai yi gara ya tafi a ɗakina."

Na ga abin yana shirin maimaituwa a gabana: za ta zauna tana kallona kamar yadda mijinta ya tsaya yana kallon tudu. Na ce ta tashi mu kai yaron, ta ce sai na duba. Sai na ce wa Asabe ta rufe ƙofa, na faɗi komai, hasumiya, gilashi, tarho, lemo da ashana. Asabe ma ranar ta fara ji. Ta zauna a kan turmi. Rabi ba ta yi kuka ba. Tambayoyi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, kamar alƙali.

"Wannan abin, ba ya ganin jirgin da ya zo ta ƙasa?"

"Ba ya gani."

"Kai ka san haka?"

"Na sani."

"Tun kafin ranar?"

"Tun kafin."

Ta ce, "Da jiniya ta yi kuka na ce masa mu tafi. Ya ɗaga kai ya dubi tudu ya ce bargon Garba bai fito ba, bari garwa ta cika. Ni ma don yaron yana tsala ihu ne na tafi. Daga famfo zuwa rami taku arba'in ne, ya Garba. Na ƙirga daga baya."

Ranar ce ta fara kirana da sunana babu malam. Na ce ta yafe mini. Ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Tashi ka ɗauki yaron. Ba ni da wanda zai ɗauke shi."

Na goya shi daga Utaibiyya har Ajyad, tana bayana. Aka ba shi magani, bayan mako biyu ya tashi. Da muka dawo da shi gida na tsaya a ƙofarta na tambaye ta ko za ta faɗa wa mutane.

Ta ce, "Ni ba zan faɗa ba. Ba ni na yi ƙaryar ba. Kai za ka tsaya a ƙofar masallaci ka faɗa da bakinka. Ran da ka yi, ka zo ka sake tambayata yafiya."

Ban yi ba. Wannan ne abin da ya fi yi mini nauyin rubutawa, ya fi bargon. Juma'a nawa na fita da niyya, in idar da salla, in ga dattawa suna miƙo mini hannu, in ce sai mako mai zuwa. Na ce sai yara sun girma, kada a yi musu gori. Na ce sai na aurar da 'yan mata. Mahaifiyarku ta tuna mini sau biyu, na yi mata faɗa, ta bari. Rabi ta yi shekara ashirin da ɗaya gida uku daga namu. Tana aiko muku da ƙosai, ta yi wa Asabe wankan jego har sau huɗu, amma idan muka haɗu a lungu sai ta amsa sallamata kawai, ta dube ni, ta wuce. Kullum na san abin da take jira.

Da ta rasu ina cikin waɗanda suka ɗauki makararta zuwa Harami. Bayan an rufe ta, Yusufu ya rungume ni a bakin maƙabarta yana kuka, ya ce, "Ya ammi, kai ne ka zame mini uba." Ashe ko shi ba ta gaya wa ba. Na shafa kansa kawai.

Mutanen Bur Sudan da ya kamata su ji daga bakina duk sun riga ni. Saura Yusufu. Yana nan a unguwar Kudai da shagonsa na kayan mota, da jikokinsa, ɗaya ma sunana aka sa masa. Na yi tunanin in ba ku wannan takarda ku kai masa bayan raina, sai na ga wannan ma wata Juma'ar ce nake ɗagawa. Na riga na aika masa cewa ina tafe. Gobe bayan azahar ɗayanku ya zo da mota ya kai ni. Ku ajiye ni a bakin shagon, ku nuna mini inda matakala take, sauran ni zan shiga da kaina.